Fitsarin Awa 24: Yadda Ake Tara Shi da Abin da Furotin, Sodiyam da Sitiret ke Nunawa

A cikin gwaje-gwajen da ake yi a asibiti, kaɗan ne waɗanda ingancinsu ya rataya a wuyan majiyyaci kamar gwajin fitsarin awa 24. Idan jini za a auna, ma'aikaci ne ke ɗaure hannu ya soka allura, ya ɗebi abin da yake so, majiyyaci nasa kallo. To amma a wannan gwaji, jarka ake miƙa wa mutum a ce ya tafi gida, ya dawo gobe. Duk abin da ya faru tsakanin miƙa jarkar da dawo da ita ba a gaban likita ya faru ba, kuma na'urar ɗakin gwaji, kome tsadarta, abin da aka kawo mata kawai za ta auna.

Dalilin ɗora wa mutum wannan ɗawainiya shi ne ƙoda ba ta aiki da ma'auni guda daga safe zuwa dare. A kowace rana ƙodojin baligi suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su bar abin da bai fi lita ɗaya da rabi ba ya zama fitsari. Fitsarin asuba yakan fito kaɗan, ja, mai kauri, saboda jiki ya kwana yana tattalin ruwa. Wanda aka yi bayan an sha kunu kofi biyu kuwa fari ne tas. Gishirin da aka ci a tuwon dare ba duka zai fita kafin gari ya waye ba. Saboda haka ɗan abin da aka ɗiba a kwalba sau ɗaya yana nuna kaurin fitsari ne a wannan sa'a kaɗai. Mai son sanin jimillar abin da jiki ya zubar a rana, dole ya tara na ranar baki ɗaya.

Fitsarin farko zubar da shi ake yi

Kuskuren da ya fi yawa a farkon aikin yake faruwa. A ce mutum ya zaɓi farawa da ƙarfe biyar da rabi na asuba ranar Lahadi. Da ya tashi, sai ya je ban ɗaki ya yi fitsari ya zubar kamar yadda ya saba, ya rubuta lokacin a jikin jarka. Wannan fitsari ba ya cikin lissafi, domin ƙoda ta haɗa shi ne tun daren Asabar, mafitsara ce kawai ta ajiye shi. Zubar da shi na nufin an fara ƙidaya da mafitsara wayam. Daga nan duk fitsarin da ya biyo baya, na hantsi, na azahar, na almuru, har da wanda ya tashi mutum cikin tsakar dare, jarka zai shiga. Ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi daidai, ko yana jin fitsari ko ba ya ji, sai ya je ya yi, ya zuba a jarka. Wannan shi ne na ƙarshe, kuma shi yana cikin lissafi.

Wanda ya zuba na asubar farko da na asubar ƙarshe duka, ya tara na dare biyu ke nan, watau kusan awa 31 ko 32, sai kowane adadi ya fito ya zarce gaskiya. Wanda kuma ya zubar da duka biyun ya yi asarar dare guda, sakamakonsa ya fito ƙasa da yadda yake. Lokacin sallar asuba yana da amfani wajen kiyaye wannan ƙa'ida, tun da bambancinsa tsakanin yau da gobe bai taka kara ya karya ba, kuma mai tashi dominta ba ya bukatar a tashe shi.

Jarkar daga ɗakin gwaji ake karɓo ta, yawanci mai cin lita biyu zuwa uku. Ba a amfani da jarkar man gyaɗa ko ta lemo da aka ɗauraye a gida, domin ragowar sabulu ko gishiri na iya ɓata awo. Wani lokaci za a ga ɗan ruwa ko gari a gindinta. Ba datti ba ne, magani ne da ke hana fitsari lalacewa, kuma ba a zubar da shi. Wani daga cikin irin waɗannan magunguna asid ne mai ƙarfi da ke ƙona fata, shi ya sa ba a yin fitsari kai tsaye cikin jarkar. Ana yi ne a wani mazubi mai tsabta kuma busasshe, sannan a juye, kuma a ajiye jarkar inda hannun yara ba zai kai ba. Irin maganin da ake sawa ya danganta da abin da za a auna: asid ɗin da ke kiyaye kalsiyam yana ɓata awon wasu abubuwan, don haka akan ba wa wani majiyyacin jarka biyu na kwana biyu daban-daban.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da takardar umarni ba kullum take ambata ba. Mai niyyar yin bayan gida ya fara yin fitsari a mazubi tukuna, domin a nan ne ake yawan yin asara ba tare da an lura ba. A kawar da mazubin gefe kafin a ɗauki buta. Ruwan tsarki idan ya shiga ba zai canja jimillar furotin ko sodiyam ba, amma zai ƙara yawan ruwan, alhali yawan fitsarin shi kansa sakamako ne da likita ke son gani. Sai kuma batun sanyi. Fitsarin da ya wuni a ɗaki mai zafi wurin kiwon ƙwayoyin cuta ne, kuma ƙwayoyin suna cinye sitiret, su sauya tsamin fitsarin. Firji shi ne ya fi. Inda wuta ba ta da tabbas, kula da ƙanƙara ta wadatar. Da an gama kuma a kai shi ɗakin gwaji da safiyar nan, kada a bari sai an taso daga kasuwa.

Zaɓen rana ma yana cikin aikin. Ba a tarawa lokacin zazzaɓi, ko ciwon sanyin mafitsara, ko jinin al'ada, ko washegarin motsa jiki mai tsanani, saboda kowane ɗayansu na iya ɗaga furotin na ɗan lokaci. Mai tsakuwar ƙoda akan jira ya yi wasu makonni bayan tsakuwar ta fita, ya koma cinsa da shansa na kullum. Wannan sharaɗi na cin kullum shi mutane suka fi karyawa da kyakkyawar niyya. Mutumin da bai saba shan ruwa ba sai ya wuni yana ɗirka, ya ce a rage gishiri a miya, don sakamako ya yi kyau. Sakamakon zai yi kyau ɗin, sai dai na wani mutum ne da ba ya nan sauran kwanakin shekara. Haka nan ranar azumi ba ta wakiltar sauran ranaku, sai fa idan halin azumin ne likita ke son dubawa.

In aka manta aka yi fitsari sau ɗaya a ban ɗaki, babu gyara. A gaya wa ɗakin gwaji, a karɓi sabuwar jarka, a sake daga farko.

Mai shaidar da ke cikin jarka

Likita ba ya nan aka tara, amma yana da hanyar sanin ko an tara daidai. Tsokar jiki tana samar da wani abu da ake kira kiriyatinin, kusan adadi ɗaya kowace rana, ƙoda kuma ta fitar da shi. Yawansa ya danganta da yawan tsokar mutum, ba da yawan ruwan da ya sha ba. Namiji baligi yakan fitar da miligiram 20 zuwa 25 a kan kowane kilogiram na nauyinsa a rana, mace kuma 15 zuwa 20. Ashe ke nan namiji mai nauyin kilogiram 70 ana sa ran a samu miligiram 1,400 zuwa 1,750 a jarkarsa. Wannan adadi shi ya kamata a fara dubawa a takardar sakamako, kafin ido ya kai kan kowane.

A ɗauki misalin direban babbar mota, ɗan shekara 42, mai nauyin kilogiram 70, wanda tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi sau biyu cikin shekara uku. An ba shi jarka, ya dawo da mililita 630. Sakamako ya nuna sodiyam milimol 120, kalsiyam miligiram 166, sitiret miligiram 110. Mai gaggawa zai ce gishirinsa da dama-dama, kalsiyam lafiya lau, sitiret ne kawai ya faɗi warwas. To amma kiriyatinin miligiram 800 ne, watau kimanin 11 a kan kowane kilogiram, rabin abin da ake zato daga ƙaƙƙarfan namiji. Da aka tambaye shi, sai ya ce ai ya fita aiki ranar, jarka kuma a gida ya bar ta. Abin da ya kawo na safe ne da na dare.

Aka sake ba shi jarka, ya tara ranar da yake hutu. Wannan karon an sami lita 1.2, kiriyatinin miligiram 1,540, watau 22 a kan kowane kilogiram. Furotin ya fito miligiram 130, sodiyam milimol 230, kalsiyam miligiram 320, sitiret miligiram 210. Mutum ɗaya ne, ƙoda ɗaya, abinci ɗaya, amma takardar farko ta ɓoye yawan gishiri da yawan kalsiyam, ta kuma zuzuta ƙarancin sitiret.

Wannan shaida tana da iyakarta. Tsoho ko wanda doguwar jinya ta ramar yana fitar da kiriyatinin kaɗan ko da ya tara daidai, wanda ya ci nama da yawa ranar kuma nasa zai ɗan hau. Tazarar da ke tsakanin 20 da 25 tana da faɗin da fitsari ɗaya zai iya ɓacewa a ciki ba a gane ba. Babban kuskure take kamawa, ba ƙarami ba. Shi ya sa likitocin tsakuwar ƙoda da yawa suka fi son a tara sau biyu: in kiriyatinin na ranakun biyu ya yi kusa da juna, hankali ya kwanta, in ya yi nisa, ɗayan tarin yana da matsala.

Furotin: matatar tana yoyo ko kuwa?

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Ruwa da gishiri suna wucewa ta cikinsu, amma manyan furotin na jini, musamman albumin, ana tare su. Ɗan abin da ya sulale, bututun da ke bayan matatar ya sake tsotse shi. Saboda haka lafiyayyen mutum ba ya zubar da furotin fiye da miligiram 150 a rana, kuma wani kaso mai yawa na wannan ma bututun ƙodar ne da kansu suke samar da shi. Alaƙar furotin a fitsari da ciwon ƙoda tsohon sani ne. A shekarar 1827 Richard Bright, likita a asibitin Guy da ke Landan, ya nuna cewa masu kumburin jiki waɗanda fitsarinsu ke daskarewa kamar farin ƙwai idan an ɗora shi a wuta, ƙodarsu ce ta lalace.

Direban da aka ambata, da miligiram 130, matatarsa ba ta yoyo. Da a ce an sami giram ɗaya, da an nemi dalili. Idan adadin ya haura giram 3.5 a rana kuwa, yoyon ya yi girman da albumin ke ƙarewa a cikin jini, ƙafafu da fuska su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa kamar an kaɗa sabulu. Ga mai ciki da ta wuce mako 20, miligiram 300 a rana tare da hawan jini alama ce ta cutar da kan kai ga jijjiga, kuma ba a jinkiri da ita.

Jimillar furotin na iya zama daidai alhali albumin ya fara ƙaruwa. Albumin ba ya kai miligiram 30 a rana ga mai lafiya. Tsakanin 30 da 300 shi ne matakin da ƙodar mai ciwon suga, mai hawan jini ko mai amosanin jini ke fara nuna gajiya, tun mutum bai ji kome a jikinsa ba, kuma a matakin ne magani ya fi tasiri. A ƙasashen da tsargiya ta yi yawa akwai wani tarko: jinin da ke fita daga mafitsara yana tafe da furotin, don haka sai an yi maganin tsargiyar kafin a ɗora wa ƙoda laifi. Akwai kuma samari da 'yan mata da ke zubar da furotin idan suna tsaye kawai. Ana gane su ta hanyar raba tarin gida biyu, na rana a jarka ɗaya, na kwanciyar dare a wata. In na daren ya fito tsaf, galibi babu abin tsoro.

Gaskiyar magana ita ce a fannin furotin, jarka ta rage daraja. A yau an fi auna albumin ko furotin a ɗan fitsarin safe guda, a gwada shi da kiriyatinin da ke cikinsa, wannan kuma ya ishi yawancin masu ciwon suga da hawan jini. Ana komawa ga tarin awa 24 ne idan za a yanke babbar shawara a kan magani, ko idan tsokar mutum ta yi yawa ko ta yi kaɗan ainun har lissafin kiriyatinin ya ɓata.

Sodiyam: abin da baki ya ci

Inda jarka ba ta da na biyu shi ne awon gishiri. Jiki ba ya tara sodiyam ba iyaka. Ga mutumin da cinsa ya daidaita, kimanin kashi 90 cikin 100 na sodiyam da ya ci ta fitsari yake fita. Saboda haka adadin da ke cikin jarka ba aikin ƙoda yake aunawa ba, abin da ke cikin tukunya yake aunawa. Da wannan hanya aka yi babban binciken nan na Intersalt da aka buga a 1988, wanda ya tara fitsarin mutum sama da 10,000 a wurare 52 cikin ƙasashe 32. A cikinsa an ga 'yan ƙabilar Yanomami na dajin Barazil, waɗanda ba sa sa gishiri a abinci, suna fitar da ƙasa da milimol ɗaya a rana, kuma jininsu ba ya hawa da ƙaruwar shekaru.

Lissafin mai sauƙi ne. Giram ɗaya na gishirin girki yana ɗauke da sodiyam kimanin milimol 17. In aka raba 230 na direban da 17, sai a sami giram 13 da rabi na gishiri a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5, watau ɗan ƙasa da cokalin shayi ɗaya, wanda a jarka zai fito wajen milimol 85. Direban yana cin ninkin wannan sau biyu da rabi har da ɗoriya. A nan sai a kula da yadda aka rubuta sakamakon. Wani ɗakin gwajin yakan rubuta adadin da ke cikin lita ɗaya ne, alal misali milimol 192 a lita. Sai an ninka da yawan fitsarin, 192 sau 1.2, kafin a sami 230 na rana.

Mai irin wannan sakamako kan rantse cewa shi ba ya barbaɗa gishiri a abinci, kuma gaskiya yake faɗa. Sodiyam ɗin yana cikin dunƙulen da aka murza a miya, da yajin tsire, da kilishi, da burodi, da ƙunshin garin da ke zuwa cikin taliyar leda. Kanwa ma sodiyam ce, ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri, kuma ƙoda ba ta tambayar daga ina ya fito.

Abin da ya haɗa gishiri da tsakuwa shi ne a cikin bututun ƙoda sodiyam da kalsiyam tafiyarsu ɗaya. Idan ƙoda ta saki sodiyam mai yawa don ta rabu da shi, kalsiyam yakan bi shi. Kowane ƙarin milimol 100 na sodiyam yana jawo ƙarin kalsiyam kimanin miligiram 25 zuwa 40 a fitsari. Iyakar da aka saba sawa ita ce miligiram 300 a rana ga namiji, 250 ga mace, direban kuwa yana da 320. Tunanin farko da kan zo wa mutum shi ne a hana shi nono da madara. Bincike ya nuna akasin haka. A 2002 Loris Borghi da abokan aikinsa a Parma ta ƙasar Italiya suka buga sakamakon bibiyar maza 120 masu yawan kalsiyam a fitsari na tsawon shekara biyar. Cikin 60 da aka rage wa kalsiyam a abinci, 23 sun sake yin tsakuwa. Cikin 60 da aka bar wa kalsiyam yadda yake amma aka rage musu gishiri da nama, 12 ne kawai suka sake. Dalili kuwa, kalsiyam na abinci yana kama sinadarin ogzalet tun a hanji ya fita da shi ta bayan gida. In aka janye shi, ogzalet ya shige jini ya sauka a ƙoda, a can ya haɗu da kalsiyam su zama tsakuwa.

Gishiri yana da hannu a batun furotin ma. Magungunan hawan jini da ake ba masu ciwon ƙoda don rage yoyon furotin suna rasa ƙarfinsu idan mutum yana cin gishiri da yawa. Saboda haka idan furotin ya ƙi sauka, duba sodiyam na jarka ɗaya kan bayyana dalili kafin a ƙara ƙwaya.

Iyakar wannan awo ita ce gumi. Mai aikin ƙarfi cikin zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yana zubar da sodiyam ta fata, don haka jarkarsa za ta nuna ƙasa da abin da ya ci. Mai gudawa ko amai ma haka. Bugu da ƙari, adadin yana hawa da sauka daga rana zuwa rana ko da abincin bai sauya ba, shi ya sa bambancin milimol 20 ko 30 tsakanin tari biyu ba abin gina hukunci ba ne.

Sitiret: shi ƙarancinsa ake gudu

Furotin da sodiyam yawansu ne ke tayar da hankali. Sitiret kuwa, wanda shi ne gishirin asid ɗin nan da ke ba lemon tsami tsaminsa, ƙarancinsa ne matsala. A cikin fitsari yana riƙe kalsiyam, su zama haɗin da ke narkewa a ruwa, ta yadda ogzalet ba zai sami abokin daskarewa ba. Yana kuma manne wa 'yan ƙwayoyin tsakuwa da suka fara haɗuwa, ya hana su girma da dunƙulewa. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce miligiram 320 a rana. Masu lafiya da yawa suna fitar da kusan ninki biyu na wannan, kuma mata sukan fi maza.

Yawancin sitiret da ke fitsari ba daga lemo ya fito ba, jiki ne ke samar da shi. Ƙoda tana tace shi, sannan ta mayar da kaso mafi yawa cikin jini, ta saki ragowar. Abin da ke yanke yawan ragowar shi ne tsamin jiki. Idan asid ya yi wa jiki yawa, ƙoda sai ta riƙe sitiret, domin jiki na sarrafa shi ya zama abin kashe asid. Ashe ƙarancin sitiret a jarka sau da yawa saƙo ne cewa akwai nauyin asid a wani wuri. Nama da yawa ba ganye yana kawo shi. Doguwar gudawa tana kawo shi, domin hanji na zubar da sinadarin da ke kashe asid. Ƙarancin fotasiyam a jini yana kawo shi, ciki har da wanda wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ke jawowa, haka ma maganin farfaɗiya da ake kira tofiramet. Idan kuwa sitiret ya yi ƙasa ƙwarai, fitsarin kuma ba shi da tsami alhali jini na da shi, ana zargin wata cutar bututun ƙoda da ke hana ta fitar da asid. Amma kafin a zargi ɗaya daga cikin waɗannan, a tambaya a ina jarkar ta wuni. Wadda ta yini a rana za ta nuna ƙarancin da ƙwayoyin cuta suka haddasa, ba ƙoda ba.

Ga direban, gwajin jini bai nuna kome ba, abincinsa ne ya bayyana 210 ɗin: tsire da balangu a tasha, ganye da 'ya'yan itace sai jefi-jefi. Aka umarce shi ya rage dunƙule da nama, ya ƙara ganye, aka kuma rubuta masa ƙwayar fotasiyam sitiret. Jiki yana sarrafa wannan magani ya zama abin kashe asid, ƙoda kuma ta saki nata sitiret ɗin. Ba magani ba ne da za a saya a kemis da ka. Ga mai raunin ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini, fotasiyam na iya taruwa a jini har ya taɓa bugun zuciya. In kuma aka kashe tsamin fitsari fiye da kima, wata irin tsakuwa ta kalsiyam da fosfet ce ke samun wurin zama. Ruwan lemon tsami yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin ba, saboda sitiret ɗinsa tare da nasa asid yake zuwa. Babban amfaninsa wataƙila shi ne yana sa a sha ruwa. Jiƙon kanwa kuwa, ko da yake yana kashe asid, yana tafe da sodiyam ɗin da ake ƙoƙarin ragewa, ga shi ba a san ma'auninsa ko abin da ya gauraya da shi ba.

Saura adadi ɗaya, wanda ba ya bukatar na'ura: lita 1.2. Kalsiyam mai yawa da sitiret kaɗan cikin ruwa kaɗan, wannan shi ne yanayin da tsakuwa ke so. Abin da ake nema ga mai tsakuwa shi ne fitsarin da ya kai lita biyu da rabi a rana, kuma abin da ya fita ake ƙirgawa, ba abin da aka sha ba. Wani binciken na Borghi a 1996 ya nuna cewa cikin shekara biyar, kashi 12 cikin 100 na waɗanda aka sa su yawaita shan ruwa ne suka sake yin tsakuwa, a kan kashi 27 na waɗanda ba a sa ba.

Bayan wata uku direban ya sake tarawa. Kiriyatinin ya fito miligiram 1,500, kusa da na baya, don haka ana iya gwada takardun biyu. Ruwa ya kai lita 2.4, sodiyam ya sauko milimol 120, watau gishiri giram 7, kalsiyam ya bi shi zuwa miligiram 280 ba tare da an ba shi maganin kalsiyam ba, sitiret kuma ya hau zuwa miligiram 430. Sai dai wannan tari a watan Disamba aka yi shi, cikin hunturu, lokacin da gumi ya yi ƙaranci. Ruwan da ya ba da lita 2.4 a Disamba ba zai ba da haka ba a cikin kan mota a watan Afrilu, saboda haka aka sa masa ranar karɓar wata jarkar a tsakiyar bazara.